Yadda ake tsara darasin awon kaftani, daga hannun malami zuwa hannun ɗalibi

Farkon da na fara koyar da ɗinki, na taɓa tsayar da yaro ɗaya a gaban aji na ce kowa ya zo ya auna ƙirjinsa ya rubuta a takarda. Su goma sha biyu ne, kuma duk sun ga yadda na yi awon minti kaɗan kafin nan, har da masu gyaɗa kai. Da na tattara takardun sai na ga inci 36, na ga 38, na ga 39 da rabi, wani ma ya rubuta 42. Yaro ɗaya, ƙirji ɗaya. Laifin ba nasu ba ne. Ni ne na nuna musu sau ɗaya, da saurin da hannuna ya saba, na ɗauka gani ya wadatar. Tsarin da zan bayyana a nan shi ne wanda na koma bi tun daga lokacin, na aji mai ɗalibai goma sha biyu, na awa biyu da rabi, misali daga ƙarfe tara na safe zuwa sha ɗaya da rabi, kafin rana ta yi zafi hankali ya watse.

Ka taƙaita abin da za a koya

Kafin komai, ka yanke shawarar abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa in an tashi. Kada ka rubuta a littafinka cewa "za su san awo", domin ba ka da hanyar gwada wannan. Ka rubuta cewa kowane ɗalibi zai ɗauki awo shida na kaftanin namiji, a jere ɗaya, ya rubuta su yadda wani tela zai karanta, kuma awonsa ba zai yi nisa da naka ba. Awo shidan su ne kafaɗa, hannu, tsayi, ƙirji, ciki da wuya.

Wando ka bar shi sai wata rana. Na san za a ce ai kaftani da wandonsa ake ɗinkawa, amma da zarar ka shigo da ƙugu da cinya da bakin ƙafa, awon ya haura goma, lokacin da ɗalibi zai riƙe tef da kansa shi zai tafi a bayani. A awa biyu da rabin nan, bakinka bai kamata ya ci fiye da minti arba'in ba. Sauran na hannunsu ne.

Shirin jajibere

Kowane ɗalibi tef ɗinsa. Idan uku suna jiran tef ɗaya, biyu hira za su yi. Amma kada ka yarda da tef don kawai sabo ne a leda. Ka shimfiɗa su duka a kan tebur, ka jera farkonsu wuri ɗaya, ka gwada da rular ƙarfe ko sandar yadi, wadda inci 36 ce. Tef ɗin tela na yau da kullum inci 60 ne a fuska ɗaya, santimita 150 ko ɗan sama da haka a ɗaya fuskar. Tsohon tef yana miƙewa, sai ya riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya. Wanda ƙarfen bakinsa ya cire, aka datse shi da almakashi, ya rasa farkonsa, ka jefar da shi kawai.

Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu tef ɗin masu araha da ake shigowa da su daga Sin, fuskar da ta yi kama da inci ba inci ba ce, ma'aunin ƙasarsu ne na gargajiya, wanda kowane ɗaya santimita uku da sulusi ne, alhali inci santimita 2.54 ne. Gane shi ba wuya: tef mai tsawon santimita 150 amma lambobinsa suka ƙare a 45, ba naka ba ne. Ko ka naɗe a lamba 10 ka juya baya. In inci ne na gaskiya, tsawon zai kai santimita 25 da ɗan ɗoriya, in na Sin ne zai wuce 33.

Ka tsayar da ma'auni ɗaya na ajin. Telolin Kano da Kaduna da Sakkwato da inci suke aiki, na Maraɗi da Damagaram kuwa santimita suka fi sabawa da ita. Kowanne daidai ne, haɗa su a aji ɗaya ne ke kawo rikici. Wuyan da ya kai inci 15 da rabi, a ɗaya fuskar 39 ne, kuma sabon ɗalibi zai rubuta 39 ɗin nan hankalinsa kwance. Ni nakan sa su ɗiga jan biro a bakin fuskar da za mu yi aiki da ita.

Sai katin awo. Ka yanka takardu, kowacce da sunan wanda aka auna, sunan mai awo, da kalmomi shidan nan a jere, da fili a gaban kowacce. Ka tanadi aƙalla shida ga kowane ɗalibi. Ka nemo allin tela, da tsofaffin jaridu ko babbar takarda, da kaftani guda da aka gama ɗinkawa wanda ya zauna wa mai shi daidai.

Abu na ƙarshe, kuma shi malamai suka fi tsallakewa: ka zaɓi mutum biyu cikin ɗaliban, ɗaya siriri ɗaya mai jiki, in da hali mai ɗan tumbi. Ka auna su kai kaɗai kafin a fara, sau biyu, ka rubuta ka sa a aljihu. Da waɗannan lambobin za ka gwada kowa a ƙarshe. Ka kuma gaya wa aji tun jiya su zo da riga mara kauri. Idan ajin maza da mata ne, ka raba su tun a tsari, maza su auna maza, mata su auna mata, ka samu malama ta tsaya wa nasu ɓangaren.

Minti ashirin na farko: karatun tef, ba a taɓa jikin kowa ba

Kada ka ɗauka duk wanda ya iya lissafin kuɗi ya iya karanta layukan da ke tsakanin 15 da 16. Ka zana inci ɗaya a allo, ƙato, kamar tsawon kamu biyu. Ka raba shi takwas. Layin tsakiya mafi tsawo shi ne rabi, masu bi masa su ne kwata da kwata uku, ƙananan kuma ɗaya bisa takwas-takwas ne. A darasin yau rabi da kwata kaɗai ake bukata.

Daga nan ka kira lamba, kowa ya ɗora farcensa a kan tef ɗinsa ya ɗaga. "Sha bakwai da kwata." Ka zaga ka duba. "Tara da kwata uku." Ka sake zagawa. A nan za ka kama wanda ya riƙe tef a juye yana karanta 6 a matsayin 9, da wanda ya fara daga ƙarshen tef yana ƙirgowa daga 60. Bayan kira biyar ko shida, su auna abubuwan da ba sa motsi: faɗin teburin keke, tsayin littafi, faɗin ƙofa. Abu mai amsa ɗaya, wanda ba ya numfashi.

Ka tsayar da yadda za a rubuta. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta 15.4, yana nufin inci 15 da layi huɗu, wato rabi. Wani kuma ya rubuta 15.5 yana nufin rabin. Dukansu abu ɗaya suka gani, amma mai yanka zai karanta daban. Ka rubuta ¼ da ½ da ¾ a allo, ka ce banda ɗigo a katin awo.

Nuni na farko da na biyu

Ka tsayar da wanda za ka auna a inda haske ke faɗo masa, ɗalibai su yi rabin da'ira, ba layi-layi kamar ajin boko ba. Wanda ke baya ba ya ganin yatsunka, kuma darasin duk a yatsu yake.

Na farko ka yi shi da saurinka na shago, ba bayani, kamar mai kaya ne ya shigo. Ka gaishe shi, ka ce ya ciro waya da kuɗi daga aljihun gaba, ka auna, ka faɗi lamba, wani ya rubuta. Minti biyu ya isa. Amfaninsa su ga inda za a je.

Na biyu shi ne darasin, kuma ka ba shi minti goma sha biyar cur. A kowane awo ka amsa tambaya uku da baki da hannu: ina tef ya fara, ta ina ya bi, ina ya tsaya.

Kafaɗa daga baya ake aunawa. Ka laluba da yatsa har ka ji ƙashin da ke ƙarshen kafaɗa, inda ta fara gangarawa zuwa damtse. Nan ne farko. Tef ya bi ta gindin wuya, ya ɗan yi lanƙwasa yadda bayan yake, ya sauka a kan irin wannan ƙashi a ɗaya gefen. Ka dakata a nan, ka ce kowa ya laluba nasa ƙashin da hannunsa. Kada ka wuce sai kowa ya ce ya ji. Sababbi sukan bi ɗinkin rigar da mutum ya sa, alhali rigar ƙila ta yi masa yawa, ko su zarce har naman damtse, su ƙara inci ɗaya ko biyu. Ka ɗiga alli a kan rigar, daidai ƙashin, domin daga wannan ɗigon hannu zai tashi.

Hannu kuwa daga ɗigon, ta bayan gwiwar hannu, zuwa ƙashin wuyan hannu, mutum ya saki hannunsa da ɗan lanƙwasa kaɗan. In ya miƙar da shi ƙam, rigar za ta ɗage duk lokacin da ya kai hannu baki. Ka nuna musu dalilin da ya sa kafaɗa da hannu suke ɗaure da juna: in ka tsayar da kafaɗa a wuri ɗaya, ka fara hannu daga wani wurin, tazarar da ke tsakani ko ta ɓace ko ta ninku.

Tsayi daga saman kafaɗa ne, gefen wuya, tef ya sauko ta gaba, ya bi kan ciki, zuwa inda mai kaya yake so. Ba tela ke yanke wannan ba, tambaya ake yi: iya gwiwa, ko ƙasa da gwiwa, ko tsakiyar ƙwauri? Mai awo ne zai durƙusa ya kai idonsa daidai lambar. Mai kaya ya dubi gabansa. Ka ce wa wanda kake aunawa ya sunkuya ya leƙa tef, su ga da idonsu yadda lambar ke raguwa. Kusan kowa yana sunkuyawa in ba a hana shi ba, kuma rigar mai sunkuyo gajeruwa take fitowa.

Ƙirji shi ya fi ba da wahala. Ya ɗaga hannuwa, ka zagaya da tef ta ƙarƙashin hammata, ya sauke hannuwa, sannan a karanta. Tef ya bi ta wuri mafi cika a gaba, ya hau kan allon kafaɗa a baya, ya tsaya a miƙe kamar an ɗaura ɗamara. Matsalar ita ce mai awo yana gaba, ba ya ganin abin da ke faruwa a baya, inda tef ke zamewa ƙasa ko ya murɗe. Ka juya mutumin, ka sa aji su dubi bayansa. Game da matsi, tef ya kwanta a jiki, kada ya nutse cikin nama, kada kuma ya yi lilo. Ciki ma haka, a wuri mafi girma, galibi wajen cibiya. Mutane na shanye ciki da zarar sun ji tef, har wanda ba shi da tumbin. Maganinsa ka ja shi da magana, ka tambaye shi mutanen gida. Yana amsawa cikin zai koma yadda yake, sai ka karanta.

Wuya a gindinsa ake aunawa, inda kwala za ta zauna, da yatsa ɗaya a cikin tef. Shi kaɗai ne na yarda a sa wa yatsa, kuma ga dalili.

Teloli da yawa suna sassauta tef tun wajen awo, su sa yatsu biyu ko uku a ƙirji, domin sun san rigar da suke so a ransu. Ga wanda ya shekara ashirin a kan keke wannan ba laifi. Ga mai koyo guba ne, domin zai sassauta tef a jiki, ya zo tebur ya sake ƙara wani abu, ƙari ya hau kan ƙari. Dokar aji ita ce: abin da jiki ya ba da shi ake rubutawa a kati. Ƙarin da riga ke bukata don mutum ya sake a cikinta, da ƙarin bakin ɗinki, a tebur ake yin su, da lissafi.

Da ka gama, ka ɗauko kaftanin da ka tanada, ka nuna inda kowane awo ya faɗa a jikinsa. Nan wani zai ce, "Malam, in mutum ya aiko da rigarsa fa a auna?" Ka ce wannan darasi ne na daban, domin riga ta riga ta ɗauki ƙarinta, ka wuce.

Su ja ka da baki

Kafin ka sake su, ka ɗauki minti goma ka zama ɗan koyo. Ka riƙe tef ka ce ba za ka motsa ba sai an gaya maka abin yi. "Me zan fara?" Su ce kafaɗa. "Daga ina?" In aka ce daga kafaɗa kawai, ka ɗora tef a kan damtse ka tsaya kana kallonsu, har sai wani ya ce a'a Malam, kan ƙashi. Ka yi kuskure biyu ko uku da gangan: ka bar tef ya zame a baya, ka karanta ƙirji hannuwa na sama. In suka kama ka da ihu, sun shirya. In suka yi shiru, ka maimaita wannan awon kafin a ci gaba. Su kuma rera jerin da baki, kafaɗa, hannu, tsayi, ƙirji, ciki, wuya, kamar karatun allo, har ya zauna. Tela da ke bin jere ɗaya kullum ba ya mantawa da wuya sai mai kaya ya hau babur.

Aiki uku-uku

Wannan shi ne zuciyar darasin, minti hamsin. Ka raba su rukuni huɗu, mutum uku-uku: mai awo, wanda ake aunawa, mai rubutu. Mai awo ya faɗi sunan awo da lamba, "kafaɗa sha takwas", mai rubutu ya maimaita da ƙarfi, sannan ya rubuta. Mai rubutu yana da aiki na biyu, shi ne idon baya: in aka zo ƙirji da ciki, ya zaga ya duba ko tef ya miƙe. Zagayen farko zai ɗauki kowa kamar minti takwas, kada ka gaggauta su. Sai su juya, har kowa ya yi aiki ukun.

Kai kuma kada ka zauna, kada kuma ka maƙale wa rukuni ɗaya. Ka zaga dukansu cikin minti biyar na farko ba tare da ka gyara komai ba sai abin da ya yi muni. Ka dubi hannu, ba lamba ba. Lamba na iya faɗawa daidai bisa sa'a, amma inda yatsa ya danne farkon tef ba ya ƙarya. Wuri mafi amfani da za ka tsaya shi ne bayan wanda ake aunawa, ɗan gefe, inda kake ganin tef a baya da fuskar mai awo lokaci ɗaya.

In ka ga kuskure, ka ɗaure hannunka a baya. Jarabar kowane tsohon tela ita ce ya fizge tef ya ce kawo ka gani, kuma da ka karɓa ka koma nuni na uku, yaron ya koma ɗan kallo. Ka tambaye shi: "Ina ɗigonka na alli?" Ko, "Zaga ka dubi bayansa, me ka gani?" In tambaya ba ta yi ba, ka kama yatsansa ka ɗora a kan ƙashin, tef na hannunsa. Kuskure ɗaya za ka gyara a tsayuwa ɗaya. Idan kuma ka ga abu guda a rukuni uku cikin huɗu, to daga nuninka ne. Ka tafa hannu, kowa ya tsaya, ka sake nuna wannan awon kaɗai cikin minti ɗaya, a koma.

Ka lura da ladabi ma, domin shi ma sana'a ne. Mai awo ya faɗi abin da zai yi kafin ya kai hannu, ya tsaya ɗan gefe wajen zagaya tef kada ya rungumi mutum, kada kuma ya yi dariyar tumbin kowa. Samari za su yi wasa da wannan, ka tsawatar tun na farko.

Bayan zagaye ukun, kowa yana da kati guda mai ɗauke da awonsa. Ka karɓe katunan. Yanzu ka sauya rukuni yadda kowa zai faɗa hannun wanda bai ji lambobinsa ba, a sake awo a sabon kati, sannan ka mayar da na farko a kwatanta. Iyakar da nake sawa ita ce kwata a wuya da kafaɗa, rabin inci a sauran. In bambancin ya wuce haka, ba a raba gardama da baki, ba a kuma ɗaukar tsakiya. Masu awon biyu su tsaya tare su sake, kowa ya nuna inda ya ɗora tef, har su gano daga ina bambancin ya fito.

Lambobin da kansu suna faɗa maka inda aka kauce. Kafaɗa ta yi yawa, hannu ya yi kaɗan: an zarce ƙashi zuwa damtse. Kafaɗa daidai, hannu ya yi yawa: an manta ɗigo an fara daga sama. Ƙirji ya yi ƙasa da na abokinsa da inci biyu: ko tef ya zame daga allon kafaɗa, ko an matse. Akwai gwaji mai sauƙi da zan so kowane ɗalibi ya riƙe: a auna daga ƙashin gindin wuya na baya, ta kan ɗigon kafaɗa, har wuyan hannu. Abin da ya fito ya yi kusa da rabin kafaɗa haɗe da hannu. Mai kafaɗa 18 da hannu 24, kusan 33 za a samu. In aka samu 35, ɗaya cikin biyun ƙarya ne.

A kai lamba kan takarda

Minti ashirin, don su ga abin da rabin inci ke jawowa. Ka ɗauki kati ɗaya ka yi a allo. A ce kafaɗa 18, hannu 24, tsayi 42, ƙirji 38, ciki 36, wuya 15½.

Jikin kaftani gaba da baya ne, kowanne a ninke biyu ake yanka shi, saboda haka faɗin da za a zana kashi ɗaya ne cikin huɗu na zagayen riga. Ƙirji 38, a ƙara inci 6 na sakewa, ya zama 44. Wannan shidan ba doka ba ce. Matasa masu son riga ta kama jiki huɗu ma ya ishe su, dattijo kuwa zai so takwas. A raba 44 gida huɗu, 11. A ƙara inci ɗaya na bakin ɗinki a gefe, 12 ke nan daga ninki. Kafaɗa gida biyu ake raba ta, ba huɗu ba, domin faɗi ce ba zagaye ba: 9, da rabin inci na ɗinki, 9½. Ka tsaya a kan wannan, ɗalibai suna yawan raba kafaɗa huɗu don sun ga an yi wa ƙirji. Tsayi 42, da rabin inci na ɗinkin kafaɗa, da inci ɗaya da rabi na kalmasa, 44.

Sai ka nuna musu ɓarnar. Wanda ya sassauta tef ya rubuta 41 maimakon 38, lissafinsa zai ba da 47, kashi huɗunsa 11¾. A kan tebur bambancin kwata uku ne kacal, ido ba zai damu ba. A jikin mai kaya inci uku ne, riga ta zama buhu. Haka in alli ya kauce da rabin inci a ninki, inci biyu ne a riga.

Ka ɗauko katin mai tumbin: ƙirji 40, ciki 44. Ka tambaye su da wanne za a yi lissafi. In aka bi ƙirji, riga za ta fito 46, inci biyu kacal sama da cikin, ya zauna ta ɗame shi. Da mafi girma ake yi: 44 da 6, 50, kashi huɗu 12½. Daga nan kowa ya ninke jarida ya zana layi uku na abokinsa da alli, faɗin kafaɗa, faɗin jiki da tsayi. In jaridar ba ta kai ba, a haɗa biyu da fil. Almakashi ba ya fitowa yau.

Gwajin fita

Minti ashirin na ƙarshe, ka tsayar da mutum biyun da ka auna tun farko, a kusurwa biyu. Kowane ɗalibi ya je wajen ɗaya, ya auna shiru, ya rubuta da kansa, ya kawo maka kati. Don lokaci ya isa, awo uku kawai za a yi, kafaɗa, hannu da ƙirji, domin su ne suka fi kaucewa. Su biyun kuma su auna juna a ƙarshe. Ka fito da takardarka ka kwatanta a gaban mai kati, da murya ƙasa-ƙasa don na baya kada su ji lambar.

Ka raba katunan gida uku. Wanda duk awonsa suka faɗa cikin iyaka, darasi na gaba zai fara wando. Wanda ya kauce a awo ɗaya, ka rubuta sunan awon a bayan katinsa, da shi zai fara gobe na minti goma kafin ya bi sahu. Wanda ya kauce a biyu ko duka, ka miƙa masa tef ka ce ya nuna maka 17¾. Sau da yawa a nan matsalar take, ba a jikin mutum ba, kuma zama ɗaya da kai a kan karatun tef zai warware ta. Kowa ya tafi gida da kati uku babu rubutu, ya auno mutum uku masu jiki daban-daban, yaro da babba da mai ƙiba, kowanne sau biyu, safe da yamma, ba tare da ya leƙa lambar farko ba.